Muryar Malam a zauren malamai: jawabin buɗe muhawara na minti uku

Tambaya: "Assalamu alaikum malamai. Yarana za su je muhawara, taken shi ne 'Makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo', mu ne masu adawa. Minti 3 aka ba mai magana ta farko, kuma dole ta yi martani a ciki. Yaya zan tsara mata?"

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. To, abu na farko, kada ki rubuta mata jawabin minti uku. Ki rubuta na minti biyu da rabi, wato daƙiƙa 150, sauran 30 ɗin ki bar su fili. Tunda ku ne masu adawa, sai masu goyon baya sun yi magana sannan taki za ta miƙe, kuma alƙalai suna sauraro su ji ko ta taɓa abin da aka faɗa yanzun nan ko kuwa hadda kawai ta zo kawowa.

Yarinya mai magana a tsanake tana faɗin kusan kalma biyu a daƙiƙa ɗaya, kin ga rubutun bai kamata ya wuce kalma 300 ba. Amma ki auna da agogon waya, tana tsaye, da murya sama, domin karatun zuci yana ruɗi.

Gaisuwa daƙiƙa 15 ta isa: shugaban taro, alƙalai, mai duba lokaci, abokan muhawara, masu sauraro, sai sunanta da makarantarta. A nan yara suke ƙona lokaci, a yi ta kirari har rabin minti ya wuce. Daga nan daƙiƙa 20 ta faɗi matsayinta, ta kuma fayyace me ake nufi da "ta fi". Ta ce ma'aunin shi ne makarantar da yawancin iyaye za su iya ɗauka kuma hankalinsu ya kwanta. Wanda ya kafa ma'auni, a filinsa ake wasa.

Filin martanin a nan zai zauna, bayan matsayi, kafin hujjoji. Idan kika ajiye shi a ƙarshe, ƙararrawa ce za ta cinye shi. Ki ba ta kati, a gabansa ta rubuta kanun jawabinta, a bayansa ku hasaso hujjoji uku da ɗaya ɓangaren zai kawo, kowace da amsar layi biyu. A wannan take kusan kullum za su ce akwai karatun dare, akwai tarbiyya da dogaro da kai, kuma babu makara. Tana zaune tana saurare, wadda suka fi jingina a kai ta sa mata alama, ita kaɗai za ta amsa. Ta maimaita abin da aka ce a jimla ɗaya, ta nuna inda ya gaza, ta dawo da shi kan ma'auninta. Misali: "Abokina ya ce makarantar kwana tana koyar da tarbiyya. Amma ɗakin kwana, manyan ɗalibai ne suke riƙe da shi da dare, a gida kuwa uwa da uba ne. Wa ya fi lura idan halin yaro ya sauya?" Wannan ba zai kai daƙiƙa 30 ba.

Hujjoji biyu kawai, kowace daƙiƙa 50. Ta farko kuɗi: akwati, katifa, kayan abinci, kuɗin motar ziyara. Ku tambayi iyaye biyu ko uku ainihin abin da suke kashewa a zango, kada a ƙirƙiri adadi. Ta biyu tsaro, kuma a nan nake so ki yi hattara, domin magana ce mai ciwo. Ta iya ambaton Ƙanƙara a Disamba 2020, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 da dare, da Jangebe a Fabrairu 2021. Amma kada ta ce ba a taɓa sace ɗaliban jeka-ka-dawo ba. Nan take za a kawo mata Kuriga ta Jihar Kaduna, Maris 2024, wanda da safe ya faru a harabar makaranta. Ta tsaya kan cewa tara ɗaruruwan yara wuri guda cikin dare yana ƙara haɗari.

Daƙiƙa 15 na ƙarshe ta maimaita ma'auni ta yi godiya. A atisaye, ke ki zama ɗaya ɓangaren, ki riƙa sauya hujja kowane zagaye. Idan kika ga tana kaiwa hujja ta biyu bayan minti biyu ya wuce, martanin ne ya yi tsawo, sai a rage shi zuwa jimla uku.