Aboki ya sha giya ya zube: barcin maye ne ko guba?

"Jama'a, idan aboki ya sha giya da yawa har ya zube, yaya zan gane ko barcin maye ne ko giyar ta zame masa guba? Me zan yi masa kafin motar asibiti ta iso?"

Ɗan'uwa, fara da tashinsa. Kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa, in bai motsa ba ka mintsine shi sosai a kafaɗa. Mai barcin maye zai buɗe ido, ya ture hannunka, ya yi magana ko da ta shirme ce. Wanda ya yi gurnani kawai, ko bai motsa ba sam, a sume yake. Kira lambar gaggawa nan take, ka sa wayar a lasifika don hannuwanka su samu yin aiki.

Sai numfashi, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci. Zuba wa ƙirjinsa ido minti ɗaya cur kana ƙirgawa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ya gaza 8, ko yana ɗaukewa daƙiƙa 10 kafin ya sake ja, giyar ta danne sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa numfashi. Kada minshari mai ƙarfi ko kakari su ruɗe ka, sau da yawa alamar maƙogwaro ne ya fara toshewa. Ja leɓensa ka duba ciki da dasashi, musamman in baƙar fata ne: idan wurin ya koma toka-toka ko shuɗi, iska ba ta isar jininsa. Jiki ya yi sanyi da danshi, ko jijjiga, ko amai ba tare da ya farka ba, ko ɗaya daga cikinsu ya isa a kira asibiti.

Maganar "a ƙyale shi ya yi barci, da safe zai warware" tana hallaka mutane. A ce mutum ya shanye rabin kwalbar wiski mai mililita 750, mai ƙarfin kashi 40 cikin ɗari, a cikin awa ɗaya. Ya zuba wa cikinsa giram kusan 120 na tsantsar barasa, alhali hanta ba ta iya narkar da fiye da giram 7 zuwa 10 a awa. Aikin sama da awa 12 ke nan. Ga shi lokacin da ya ajiye kwalbar akwai sauran da ke cikin tumbi da hanji, tana ci gaba da shiga jini. Shi ya sa wanda ke surutu da ƙarfe sha biyu zai iya suma kafin ƙarfe ɗaya ba tare da ya ƙara ko kurɓi ba. A wannan hali tarin da ke kare maƙogwaro ma ya mutu, in ya yi amai yana rigingine, aman huhu zai wuce.

Don haka kwantar da shi ta gefe. Durƙusa kusa da shi yana rigingine, ka miƙe hannunsa na wajenka gefe, gwiwar hannun a lanƙwashe, tafin yana kallon sama. Jawo ɗaya hannun ka ɗora bayansa a kumatun da ke wajenka, ka riƙe. Ɗaga gwiwar ƙafarsa ta nesa, ka jawo ta har ya mirgino wajenka. Ka ɗan ɗaga haɓarsa, bakin ya kalli ƙasa yadda amai zai zubo waje. Rufe shi da bargo, domin giya tana buɗe jijiyoyin jinin fata, ɗumin jiki ya yi ta fita. In jiran ya kai minti 30, juya shi ɗaya gefen. Idan faɗuwa ya yi ya bugu a ka, ka tallafi kai da wuya su juya tare da gangar jiki, kuma ka faɗa wa wanda ke kan waya.

Kada ka ɗura masa komai a baki, ko ruwa ne, kada kuma ka sa masa yatsa don ya yi amai, duka biyun shaƙe shi za su yi. Kofi ba ya rage barasar da ke jini, ruwan sanyi kuma ƙara masa sanyin jiki zai yi. Tilasta masa tafiya faɗuwa ce kawai za ta biyo baya. Ka zauna da shi, kana sake ƙirga numfashi bayan kowane minti biyu zuwa uku.

In numfashin ya tsaya, ko ya koma jan iska jefi-jefi kamar shaƙuwa, mayar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ka riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kada ka tsaya sai ma'aikata sun karɓe ka ko ya dawo numfashi.

Da sun iso, faɗa musu gaskiya: me ya sha, nawa, yaushe ya daina, ko yana da ciwon suga ko farfaɗiya. Na roƙe ka kada ka ɓoye in ya haɗa da kodin, taramol ko maganin barci don gudun tona masa asiri. Waɗannan suna ƙara danne numfashi a kan na giya, kuma kodin da taramol suna da maganin da ke karya ƙarfinsu, naloksin, wanda za a yi saurin ba shi in an sani. Tattara kwalabe da fakitin ƙwayoyin da ke wurin ka miƙa musu.