Da hannuna na rubuta, manhaja ta ce inji ne

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a nan Gusau. Wallahi da kaina na rubuta asamen ɗina, lakcara ya saka shi a manhajar gano rubutun inji ta ce wai kashi 70 ba ni na yi ba. Ya aka yi haka?

Amsa: 'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki, wannan manhaja ba ta ga wanda ya zauna ya yi rubutun ba, canka kawai take yi. Abin da ire-irensu suka fi aunawa shi ne ko kalmar da za ta biyo baya tana da sauƙin canka, sai kuma ko jimloli sun bambanta wajen tsawo da gini. ChatGPT yakan ɗauki kalmar da aka fi tsammani ne, jimlolinsa kusan kai ɗaya, don haka duk rubutun da ya zo a haka sai a jefa shi layin inji.

To ki tuna yadda aka koya mana insha'in Turanci don WAEC da NECO. Gabatarwa, sakin layi uku kowanne da dalili ɗaya, sai kammalawa. Na farko ya fara da "Firstly", na biyu "Secondly", na ƙarshe "In conclusion", kuma malam ya ja kunne kada a yi doguwar jimla kar a yi kuskure a rasa maki, a tsaya kan kalmomin da aka tabbatar da su. A ce an ba ki batun illar shaye-shaye, kafin ki rubuta ma an san lafiya ce za ta zo farko, sai karatu, sai tarbiyya, kowace jimla kalma goma sha wani abu. Ɗalibar da ta fi bin dokar malam ita ta fi shiga tarko, abin da ke ci min rai ke nan.

A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada insha'i 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutane ne suka rubuta da Turancin koyo, a manhajoji 7, sai ga shi a matsakaici sama da kashi 60 an ce na inji ne, alhali na yaran Amurka 'yan aji takwas kusan duk sun wuce lafiya. Kamfanin OpenAI da ya ƙirƙiri ChatGPT ma a Yulin 2023 ya rufe tasa manhajar ganowar saboda yawan kuskurenta.

Kada ki ɓata rubutunki da gangan don ki tsallake. Ki je wajen lakcaran cikin ladabi da takardun da kika fara zayyana aikin da littattafan da kika duba, in a Google Docs kika yi ki buɗe masa Version history ya ga yadda aikin ya taru a hankali, sannan ki roƙe shi ya zaɓi duk sakin layin da ya ga dama ya yi miki tambayoyi a kai baki da baki.