Amsoshina uku sun yi kusa da juna, amma malam ya ce ban samu ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun yi taitireshan a darasin kimiyyar sinadarai don gano ƙarfin NaOH, asid ɗin HCl mai ƙarfin 0.100 mol/dm³ a biyuret, 25.00 cm³ na NaOH a filas, da indiketa metil oranj. Na samu 24.60, 24.70 da 24.60, amma na malaminmu 24.00 ne. Da aka tambayi tushen kuskure na rubuta "kuskuren ɗan'adam, a maimaita a ɗauki abareji", sai aka ba ni sifili. Jarrabawa ta matso, kuma har yanzu ba na iya bambance kuskuren sistamatik da na randam. Don Allah a ina na ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki, hannunki yana da kyau. Wanda ya fitar da lambobi uku da tazararsu ba ta wuce 0.10 cm³ ba ya iya riƙe famfon biyuret, kuma ya san lokacin tsayawa. Abin da ya kuɓuce miki shi ne sauraron abin da lambobin suke faɗa, don sun riga sun ba ki amsar.

Tazara biyu ce a gabanki. Ta farko tsakanin amsoshinki ne su ya su, wato 0.10. Ta biyu tsakanin abarejinki, 24.63, da na malam, wato 0.63. Ta farkon ita ce aikin randam: yau ido ya karanta ɗan sama, gobe ɗan ƙasa, wannan karon rabin ɗigo ya wuce, wancan karon bai wuce ba. Ba shi da alƙibla. Ta biyun kuwa ta fi ƙarfinsa. Biyuret ɗin makaranta ana karanta shi zuwa 0.05 cm³, kuma sau biyu ake karantawa, farko da ƙarshe, saboda haka rashin tabbas na karatu bai wuce kimanin 0.10 ba. Tazarar da ke tsakaninki da malam ta ninka wannan sau shida, kuma duk ukun gefe guda suka faɗa, sama. Abin da ke tura kowace amsa gefe guda, da kusan adadi guda, shi ne sistamatik.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na gamu da shi: tunanin cewa idan amsoshi suka yi kusa da juna to aikin ya yi daidai, kuma maimaitawa tana wanke kowane irin kuskure. Ɗalibai ba daga sama suka samo wannan ba. Akwai masu koyar da darasin gaggawa da ke ba yara jimloli su haddace, a zuba su ƙarƙashin kowace tambaya ta gwaji, ko ta dace ko ba ta dace ba, kuma "a maimaita a ɗauki abareji" ita ce kan gaba. Wasunsu ma ba su taɓa sa yaron ya riƙe fifet ba, wato bututun gilashin da ake auna NaOH da shi a zuba a filas.

Bari mu bi aikinki mu ga dalilin da ya sa wannan jimla ba ta da amfani a nan. Ban tsaya kusa da ke ba, amma ga abin da na fi zargi. A ce kin wanke bika da ruwa, ba ki busar da ita ba, ba ki kuma ɗauraye ta da asid ɗin ba, kika zuba asid kimanin 100 cm³ a kan ruwan da ya kwanta a gindi da jikin gilashin, wajen 2.5 cm³. Daga wannan bikar kika riƙa cika biyuret har aikin ya ƙare. Asid ɗin ya tashi daga 0.100 ya koma kusan 0.0975 mol/dm³, amma takardar da ke jikin kwalba ba ta canja ba, kuma da ita za ki yi lissafi. NaOH ɗin da ke filas yana buƙatar adadin mol ɗin asid da yake buƙata, ba ruwansa da abin da aka rubuta a kwalba. Tunda asid ɗin ya yi rauni, sai kin zuba fiye da kima:

```
24.00 × 0.100 / 0.0975 = 24.62 cm³
```

Kin ga inda ya faɗa, dab da abarejinki. To maimaita sau goma daga wannan bikar. Za ki samu 24.60, 24.65, 24.60, har ki gaji, kuma kowane sabon zagaye ƙara miki yarda zai yi da amsar da ba daidai ba ce. Lissafinki zai ba da ƙarfin NaOH 0.0985 mol/dm³ maimakon 0.0960, ƙarin kusan kashi 2.6 cikin ɗari. Abareji yana aiki ne kawai saboda na sama da na ƙasa suna cinye juna. Idan duk lambobin sun karkata sama, babu na ƙasan da zai cinye su. Ko a kan randam ɗin ma, maimaitawa rage shi take yi a hankali: sai kin yi zagaye huɗu kafin rashin tabbas na abareji ya ragu zuwa rabi.

Abin da ya sa nake ɗaga murya a kan wannan, randam yana tona kansa. Kina ganin 24.1, 24.9, 24.4 kin san akwai matsala, za ki sake. Sistamatik kuwa lambobi masu kyau yake ba ki, tebur ya fito tsaf, kowa ya sa hannu. Wannan taitireshan ɗin da kike yi don maki, da shi ake auna ƙarfin sinadari a magani da taurin ruwan sha. Ma'aikacin da ya taso da aƙidar cewa jituwar lambobi ita ce gaskiya zai iya shafe wata guda yana fitar da sakamako karkatacce da zuciya ɗaya, don bai taɓa tambayar kansa ko ruwan da yake aunawa da shi yana nan a ƙarfinsa ba. Mafi muni shi ne shawarar da na ji ana ba ɗalibai, wai su leƙa lambar malam su gyara tasu ta matso kusa. Kada ki taɓa yin haka. Wannan 0.63 ɗin ita ce kaɗai shaidar da ke nuna akwai abin da ya lalace a teburinki, wanda ya goge ta ya goge hanyar gano shi.

Ita kuma kalmar "kuskuren ɗan'adam", mai duba takarda ba zai ba ta maki ba, kuma yana da gaskiya. Ba ta faɗi abin da aka yi ba, ba ta faɗi inda amsa ta karkata ba. Mutum ɗaya yana iya jawo iri biyun. Idan wani lokaci kina tsayawa ɗigo guda kafin lokaci, wani lokaci ɗigo guda bayansa, randam ne. Idan kuma kullum sai launin ya zama ja sosai kike rufe famfo, alhali a ruwan lemo ya kamata ki tsaya, sistamatik ne, kuma sama yake tura amsa. Amma ki lura da girmansa: ɗigo guda kusan 0.05 cm³ ne, saboda haka kafin wuce gona da iri ya kai 0.63 sai kin zarce da ɗigo goma sha biyu a kowane zagaye. Da wuya hannun da ya ba da tazarar 0.10 ya yi haka. Shi ya sa na fi zargin asid ɗin.

Tambayar da za ki riƙa yi wa kowane abin da kike zargi ita ce: idan na sake yin aikin kamar yadda na yi, zai sake tura ni gefen da ya tura ni? Gwada ta a kan abubuwan da aka saba rubutawa, za ki sha mamaki. Karanta saman lanƙwasar ruwa maimakon ƙasanta a biyuret, in dai haka kika yi a farko da ƙarshe, yana share kansa, domin ɗebe lamba ɗaya ake yi daga ɗaya. Amma a fifet layi ɗaya ne tak, babu abin da zai share shi, don haka a can sistamatik ne. Hura ɗigon ƙarshe daga bakin fifet ma haka, an riga an yi lissafin zai zauna a ciki, mai hura shi kullum yana ƙara alkali kullum. Kumfar iska a bakin biyuret tana ɗaga amsar zagayen da ta fita a cikinsa ne kawai, yawanci na farko, shi ya sa ake ganinta a matsayin lamba ɗaya da ta bar 'yan'uwanta. Ruwa tsaftatacce da ya rage a kwanikal filas kuwa ba kuskure ba ne sam, bai ƙara mol ɗin NaOH ba, bai rage ba, amma ɗalibai ba sa gajiya da rubuta shi. Wanda yake ɓarna shi ne ɗauraye filas ɗin da NaOH.

Sistamatik ba a kama shi da maimaitawa, sai an canja wani abu, ɗaya bayan ɗaya. Koma ɗakin gwaji ki ɗebo sabon asid daga kwalba a busasshiyar bika, ki ɗauraye biyuret da shi, ki bar komai yadda yake. Idan amsa ta sauko kusa da 24.00, kin kama ɓarawon. Idan ba ta motsa ba, ari fifet ɗin wata, ko ki auna nauyin ruwan da naki ke zubarwa: 25.00 cm³ na ruwa a zafin ɗaki yana kai kusan giram 24.9. Ki kuma tambayi sauran 'yan aji. In kowa ya samu wajen 24.6, to matsalar ba a teburinki take ba, tana cikin ruwan da aka raba muku, kuma ya kamata a sanar da malam cikin ladabi.

A takardar jarrabawa, kowane tushen kuskure ki ba shi cikakkiyar jimla: abin da ya faru, irinsa, gefen da ya tura amsa, da maganinsa. Ga yadda naki zai kasance: "An zuba asid a jiƙaƙƙiyar bika, ƙarfinsa ya ragu. Wannan sistamatik ne, domin duk zagayen sun yi amfani da asid ɗin, kuma ya sa adadin da aka karanta da ƙarfin NaOH da aka lissafa suka fito sama da gaskiya. Maganinsa a ɗauraye bika da biyuret da asid ɗin kafin a cika." Sannan ki kawo na randam daban, misali rashin tabbas wajen gane ainihin ɗigon da launi ya juya. A ƙarƙashin wannan ne jimlarki ta maimaitawa da ɗaukar abareji za ta samu makinta.