Tambayoyinku: Kuskuren suna a tikiti

Tambaya: Na sayi tikitin jirgi zuwa Jidda ta waya, sai na ga an rubuta Mohammed alhali a fasfona Muhammad ne. Za a bar ni in hau? (Daga Kano)

Amsa: Kada ka jira ranar tafiya, domin a tafiyar ƙasashen waje kamfanin jirgi yana aika bayanan fasinja ga hukumar shige da fice ta ƙasar da za a sauka, kuma na'ura tana gwada su da fasfo da biza. Na'urar ba ta san cewa Mohammed da Muhammad da Mamman duk sunan mutum ɗaya ba ne, kuma idan aka ƙi karɓar fasinja, kamfanin ne zai mayar da shi, sau da yawa har da tara.

Ka nemo lambar rijistar tafiyarka mai haruffa da lambobi shida, ka tuntuɓi wanda ya sayar maka da tikitin, ka tura masa hoton shafin fasfonka. Idan ta hannun ejan ka saya, kamfanin jirgi zai mayar da kai gare shi. Kamfanoni da dama suna yarda da gyaran harafi ɗaya zuwa uku, wasu kyauta, wasu da kuɗi. Naka bai wuce iyaka ba, haruffa biyu ne suka saɓa. Bayan gyara, ka tabbatar an turo maka sabon tikiti, domin alkawarin baki ba ya hawa jirgi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutum zai biya maƙudan kuɗi, amma ya bar waya ta cike masa suna da kanta, ko ya karanta wa yaron shagon intanet sunansa da ka, wani lokaci har da Alhaji a gaba, kamar da shi aka raɗa masa. Ku buɗe fasfo, ku dubi layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, inda sunan yake fitowa kamar haka: `BELLO<<MUHAMMAD<SANI`. Abin da ya zo kafin `<<`, bayan haruffa uku na sunan ƙasa kamar NGA, shi ne sunan mahaifi ko na dangi, saura kuma sunayenku. Shi za ku kwafa.

Tambaya: Sunana Sa'adatu, amma tikiti ya nuna `SAADATU`. (Daga Zariya)

Amsa: Hajiya, babu komai. Manhajojin jirage ba sa ɗaukar wannan alama, haka ma ɗ da ƙ da ɓ.

Tambaya: Na fasa tafiya, zan iya mayar da tikitin sunan ƙanena? (Daga Maraɗi)

Amsa: Wannan canjin fasinja ne, yawancin kamfanoni kuma ba sa yarda, saboda 'yan baranda za su kwashe kujeru masu araha su sayar. Ka nemi a mayar maka da abin da ya samu, ƙanenka ya sayi nasa.