Ƙahon da ke tsirowa kusa da tsalle a jerin Fourier

"Ina zana jerin Fourier na igiyar da ke tsalle daga −1 zuwa +1. Na haɗa gaɓoɓi 500, amma ƙahon nan na bakin tsallen ya ƙi sauka. Kuskure na yi a lissafi?"

Ɗan'uwa, lissafinka daidai yake. Ni ma lokacin da nake ɗalibi na shafe kwana biyu ina laluben kuskure a shirin kwamfutata, ashe babu shi. Henry Wilbraham ya bayyana wannan abu tun 1848, sai Gibbs ya sake fito da shi a 1899, sunansa kuma ya bi shi.

Ɗauki biro mu gwada da jerin naka:

S(x) = (4/π)(sin x + sin 3x/3 + sin 5x/5 + …)

Da gaɓa ɗaya ƙololuwar tana kai 1.273. Da biyu 1.200, da uku 1.188. Za ka ɗauka tana gangarowa zuwa 1 ne, amma sai ta cije a wajen 1.179. Rarar 0.179 ke nan a kan tsalle mai tsayin 2, wato kusan kashi 9 cikin ɗari, ko gaɓa miliyan ka zuba.

Abin da ke canzawa shi ne mazaunin ƙahon. Da gaɓoɓi N, yana zaune a x = π/(2N). A gaɓoɓi 50 yana 0.0314, a naka 500 yana 0.00314. Yana matsawa jikin tsallen, yana sirancewa, tsayinsa na nan. Shi ya sa nake so ka kafa ido a wuri guda, misali x = 0.1. Ƙahon zai ratsa ta wurin a wajen gaɓa ta 16, ya wuce, daga nan jimlar ta riƙa kwantawa a kan 1. Kowane ɗigo yana samun natsuwa a ƙarshe, sai dai kullum akwai wani ɗigo da ya fi kusa da tsallen wanda ƙahon ya koma kansa.

Dalilin rarar kuwa yana cikin gangaren jimlar, wanda shi ne (2/π)·sin(2Nx)/sin x. Tsayin layin shi ne tarin faɗin da ke ƙarƙashin wannan gangare. Siffar gangaren tudu ne, sai kwari, sai ƙaramin tudu, haka dai. Idan N ta yi yawa, kafin a ninka da 2/π, faɗin da ke ƙarƙashin tudun farko kaɗai 1.852 ne, alhali jimlar tuddai da kwaruruka gaba ɗaya 1.571 ce. Dole layin ya zarce tukuna, sannan kwarin ya rage masa. Raba 1.852 da 1.571, ga 1.179 ɗinka. Ƙara N matse tuddan yake yi yana ƙara musu tsayi, faɗin da ke ƙarƙashinsu bai taɓuwa.

In aikinka na buƙatar layi marar ƙaho, ɗauki matsakaicin jimlolin tun daga ta farko zuwa ta N, hanyar Fejér. Rarar za ta ɓace ƙaƙaf, amma hawan zai yi laushi, bakin tsallen ya rasa kaifinsa.