Gwajin tsiron iri kafin shuka

Tambaya: "Irin masarata ya kwana tun bara a buhu. Yaya zan san zai tsiro kafin in zuba shi a gona?"

Malam, gwada shi tun saura mako biyu ka yi shuka. Ɗebo ƙwayoyi daga sama, tsakiya da ƙasan buhun, ka cakuɗa su, sannan ka ƙirga 100 ba tare da zaɓe ba. Idan ka tsince masu kyau kaɗai, kanka ka yaudara.

Jiƙa tsumma mai tsabta, ka matse shi har ruwa ya daina ɗiga. Jera ƙwayoyin layi 10, kowane layi ƙwaya 10, ka naɗe tsumman kamar tabarma, ka ajiye a inuwa inda kaji da ɓeraye ba sa kaiwa. Kullum ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan. Danshi ake so. Idan ruwa ya yi yawa, irin zai ruɓe, ka ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Bayan kwana 7 ka buɗe. Ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa da tsiro duka biyu. Wadda ta kumbura kawai, ko ta yi funfuna, ba ta cikin lissafi.

Idan 85 ko fiye suka tsiro, shuka yadda ka saba. Idan ka samu kamar 70, ramin da kake zuba ƙwaya biyu sai ka zuba uku, daga baya ka rage. Ƙasa da 60 kuwa, ni dai sabon iri zan nema, domin ko waɗanda suka tsiro sukan fito da rauni.