Hoton Awo Ya Yi Dishi-Dishi

Tambaya: An turo min hoton awon jini, Hb ɗin, wato ma'aunin yawan jini, ya ƙi karantuwa sosai. In ce lafiya lau ne?

A'a, kada ki ce haka. Idan lambar tana kama da 7.8 ko 9.8, ki faɗi duka biyun, domin a wurin babbar mace marar ciki 7.8 g/dL ƙarancin jini ne mai tsanani, 9.8 kuwa matsakaici. Abin da za ki iya tabbatarwa shi ne kowanne bai kai 12 ba, jinin ya yi ƙasa. Tsananinsa kuma sai an sake ɗauko hoton a haske, kuma ki tambaya ko matar da aka yi wa awon tana da juna biyu, don a nan iyakar 11 ce.